Layi Biyu a Tsinken Gwaji: Nazarin Lamarin Mutumin da Aka Ce Yana Ɗauke da Ƙanjamau

Yadda yake kafin gwajin

Mutumin yana da shekara 41, yana da aure, kuma abin da ya kai shi asibiti gwaiwa ce. Ta daɗe tana damunsa idan ya ɗaga abu mai nauyi, har likitan tiyata ya duba shi ya ce a yi masa aiki. Kafin a sa masa rana aka rubuta masa gwaje-gwajen da ake yi wa duk mai shiga tiyata a asibitin: yawan jini, rukunin jini, suga, ciwon hanta, da ƙanjamau.

Ba wani ciwo ne ya sa aka nemi gwajin ƙanjamau ba. Bai rame ba, ba ya zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, babu gudawa, babu farin tabo a baki, babu kumburi a wuya ko hammata. Ba a taɓa ƙara masa jini ba. A takardar da ya cike kafin gwajin ya rubuta cewa ba shi da wata mace sai matarsa, kuma bai taɓa yin allura da sirinjin da wani ya yi amfani da shi ba. Babu wanda ya zauna da shi ya tattauna waɗannan amsoshi a lokacin, takardar dai ta shiga fayil.

Gwajin da aka yi masa irin na gaggawa ne, wanda ake ɗiga jinin yatsa a kan tsinke a jira mintuna kaɗan. Ba ƙwayar cutar kanta yake nema ba, sinadaran kariya yake nema, waɗanda jiki ke ƙerawa idan ya haɗu da ita. Layi ɗaya na nufin gwajin ya yi aiki bai ga komai ba. Layi biyu na nufin ya ga wani abu.

Ranar farko

Layi biyu suka fito. Na biyun bai kai na farkon duhu ba, amma ana ganinsa sarai.

Ƙaramin likitan da ke bakin aiki ya san lambobi biyu game da irin wannan gwaji, kuma ya san su daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da tsinken gwajin ƙanjamau sai yana kama aƙalla 99 cikin masu cutar 100, kuma yana wanke aƙalla 98 cikin marasa cutar 100. Lamba ta farko ita ce ƙarfin kama cuta, ta biyu kuma ƙarfin wanke mai lafiya.

Ya kira mutumin ofis ya gaya masa sakamakon. Mutumin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Likita, ba zai yiwu a ce kuskure ba ne?"

Likitan ya ce, "Malam, gwajin nan sau biyu kawai yake kuskure cikin ɗari. Ba zan ɓoye maka ba, kashi 98 cikin 100 kana ɗauke da ita. Amma za mu sake gobe don hankalinmu ya kwanta."

Aka ɗage tiyatar har sai an ga inda maganar ta tsaya.

Rana ta 2: an maimaita

Washegari aka sake huda masa yatsa. Wani ma'aikaci daban ne ya yi gwajin, da sabon tsinke, amma daga kamfani ɗaya, daga kwali ɗaya ma. Ya kiyaye yawan jinin, ya ɗiga ruwan gwajin yadda takardar kwalin ta ce, ya karanta cikin lokacin da aka ƙayyade. Layi biyu suka sake fitowa.

A wurin ƙaramin likitan magana ta ƙare. Lissafinsa shi ne, idan kuskure yana faruwa sau 2 cikin 100, to faruwarsa sau biyu a jere sai sau 4 cikin 10,000. Ya rubuta a fayil cewa an tabbatar, ya tura mutumin sashen da ke kula da masu cutar domin a fara ba shi magani. Ranar da aka ba shi ita ce rana ta 6.

A kwana huɗun nan mutumin bai gaya wa kowa ba. Barci ya ƙaurace masa, ya daina kusantar matarsa ba tare da ya ba ta dalili ba. Daga baya ya faɗa wa likitoci cewa abin da ya fi cin ransa shi ne tunanin ta ina cutar ta shigo, domin ya san kansa, saura kuma mutum ɗaya.

Rana ta 6, da safe: lissafi a bayan takarda

A sashen kula da masu cutar akwai ƙa'ida cewa ba a fara ba kowa magani sai an sake tantance shi, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara a kanta. Babbar likitar sashen ta buɗe fayil ɗin, ta ga gwaji iri ɗaya ne aka yi sau biyu, ta ga takardar da mutumin ya cike. Ta aika a kira mata ƙaramin likitan.

Tambayarta ta farko ita ce, kafin a ɗiga jinin nan, nawa ne zatonka cewa mutumin yana da cutar? Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban yi wani zato ba, gwajin shiga tiyata ne kawai." Ta ce to a yi shi yanzu. A duniya baki ɗaya, tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, mutum 6 zuwa 7 ne cikin 1,000 ke ɗauke da cutar, kuma da yawa daga cikinsu sun riga sun sani. Wannan mutum ba shi da alama ko ɗaya, ba shi da tarihin da ke jawo zargi. Suka amince su ɗauki 2 cikin 1,000 a matsayin mafarin lissafi.

Sai ta juya wata takarda ta ce ya ƙaddara an kawo mutum 10,000 irin wannan mutumin, an yi wa kowa gwajin. Cikinsu 20 ne masu cutar, 9,980 ba su da ita. Gwajin zai kama masu cutar kusan dukkansu, a ce 20 ɗin. Amma a cikin 9,980 masu lafiya zai yi kuskure a kan 2 cikin kowane 100, wato kusan mutum 200 za su ga layi biyu alhali lafiyarsu ƙalau. Ke nan waɗanda za su fito da layi biyu mutum 220 ne, kuma 20 kaɗai ne cikinsu masu cutar. Mutumin nan ɗaya ne daga cikin 220 ɗin, ba a san ko wanne ba. Ashirin cikin 220 kuwa kashi 9 ne cikin 100.

Ƙaramin likitan ya sake bin lissafin da kansa, ya samu abu ɗaya. Ya ce to ina 98 ɗin ta tafi? Ta ce tana nan, amsar wata tambaya ce daban. Lambar 98 tana amsa cewa: idan mutum ba shi da cutar, sau nawa gwajin zai wanke shi? Abin da mara lafiya ya tambaya kuwa shi ne: tunda gwajin ya nuna layi biyu, sau nawa ne cutar ke nan da gaske? Tambaya ta farko daga cuta take tafiya zuwa sakamako, ta biyu daga sakamako take komawa zuwa cuta, kuma ba a tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya sai an san yawan masu cutar a cikin irin mutanen da ake gwadawa.

Hanyar tsallakawar ita ce ƙa'idar Bayes. Thomas Bayes limamin coci ne a Ingila, ya rasu a 1761, abokinsa Richard Price ne ya fitar da rubutun nasa a 1763. A bakin gadon mara lafiya an fi sauƙin aiki da ita ta hanyar rinjaye, wato masu cuta nawa ne a gaban marasa cuta nawa:

```
rinjaye bayan gwaji = rinjaye kafin gwaji × nauyin shaida
```

Nauyin shaidar layi biyu ana samunsa ne idan aka raba yawan fitowarsa ga masu cuta da yawan fitowarsa ga masu lafiya. A nan 99 ne a raba da 2, wato 49.5. Ma'anarsa, layi biyu ya fi fitowa ga mai cutar kusan sau hamsin fiye da yadda yake fitowa ga mai lafiya. Shaida ce mai nauyi ƙwarai. Sai dai rinjayen farko mutum 1 ne a gaban 499. Idan aka ninka ɗayan sau 49.5 sai ya zama 49.5 a gaban 499, kusan 1 a gaban 10, wato dai kashi 9 ɗin nan. Gwajin ya ɗaga zato daga 2 cikin 1,000 zuwa 90 cikin 1,000. Tafiya ce mai nisa, amma daga wuri mai zurfi aka taso.

Ƙaramin likitan ya kawo hujja mai kyau. Ya ce 98 ita ce mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi, tsinkaye da yawa sun fi haka. Ta yarda, suka sake lissafin. Idan tsinken yana wanke 99.5 cikin 100, masu layin ƙarya za su ragu daga 200 zuwa 50, zato ya koma 20 cikin 70, kusan kashi 29. Idan yana wanke 99.8, masu layin ƙarya 20 ne, masu cuta 20, zato ya tsaya rabi da rabi. Ko da an ba gwajin mafi kyawun yabo, bai isa a ce wa wannan mutum 98 ba.

Domin ya ga cewa ba raina gwajin take yi ba, ta ba shi misali na biyu. Ta ce ya ƙaddara mace ce ta zo ta rame, da farin tabo a baki, kuma an riga an tabbatar mijinta yana da cutar. A ce zato kafin gwaji kashi 40 ne, wato 2 a gaban 3. Layi biyu a tsinke iri ɗaya zai mayar da shi 99 a gaban 3, wato 33 a gaban 1, kashi 97 cikin 100. Tsinken bai canza ba, nauyin shaidarsa yana nan 49.5. Wanda aka ɗiga jininsa ne ya bambanta.

Batun maimaitawar

Saura gwajin rana ta 2. Da a ce gwaji na biyu bai da wata alaƙa da na farko, da sai a sake ninkawa da 49.5, a samu kusan 2,450 a gaban 499, kashi 83. Ko a hakan ma ba a kai ga tabbaci ba. Amma sake ninkawa yana da sharaɗi, shi ne kuskuren gwaji na biyu kada ya zama yana da tushe ɗaya da kuskuren na farko.

Layin ƙarya ta hanya biyu yake zuwa. Akwai na hannu: an zuba jini fiye da kima, an yi amfani da ruwan gwajin wani kamfani, tsinken ya lalace da zafi ko wa'adinsa ya wuce, an bar shi ya daɗe fiye da lokacin da aka ƙayyade kafin a karanta, ko an musanya sunan wani da na wani. Irin wannan maimaitawa tana iya gano shi. Akwai kuma na jini: mutum yana da wasu sinadaran kariya waɗanda jikinsa ya ƙera saboda wani dalili daban, amma suna manne wa abin da kamfanin ya shafa a kan tsinken. An ga haka ga masu juna biyu, da masu cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa, da waɗanda suka yi fama da wasu cututtuka kamar maleriya da ciwon barci, da wasu da aka yi wa allurar rigakafi kwanan nan, sau da yawa kuma ba a gano dalili ko kaɗan. Mai irin wannan jini, ko sau goma aka gwada shi da tsinken kamfanin nan, layi biyu zai gani. Shaida ɗaya ne aka yi ta kira yana maimaita maganarsa, ba a samu shaida na biyu ba.

To nawa maimaitawar ta ƙara? Babbar likitar ta ce a yi wa ƙaramin likitan karamci, a ƙaddara rabin layukan ƙarya na hannu ne, maimaitawa ta share su. Masu layin ƙarya sun ragu daga 200 zuwa 100, masu cuta suna nan 20. Zato ya tashi daga kashi 9 zuwa 20 cikin 120, kusan kashi 17. Da wannan lamba aka shiga ɗakin gwaji.

Rana ta 6, da rana: tsinke na wani kamfani

Tun daga 2019 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ce wa mutum yana da ƙanjamau sai gwaji uku daban-daban sun nuna haka a jere. Kafin nan gwaji biyu sun wadatar a wuraren da cutar ta kai kashi 5 cikin 100 ko fiye. An canza ne saboda lissafin da ke sama: yayin da masu cutar da ba su san matsayinsu ba ke raguwa a cikin waɗanda ake gwadawa, rabon layin ƙarya yana ƙaruwa. Manufar ita ce, cikin duk mutum 100 da aka gaya wa suna da cutar, aƙalla 99 su kasance suna da ita da gaske. Kuma ana zaɓar tsinkayen ne ta yadda ba za su riƙa yin kuskure a kan jini ɗaya ba.

Aka gwada mutumin da tsinken wani kamfani. Layi ɗaya ya fito.

Layi ɗaya ma yana da nauyinsa, sai dai ƙasa yake ja. Yana fitowa ga mai cuta sau 1 cikin 100, ga mai lafiya sau 98, don haka yana rage rinjaye kusan sau ɗari. Kashi 17 shi ne 1 a gaban 5, ya koma kusan 1 a gaban 500, wato wurin da aka faro tun kafin a huda masa yatsa. Da ma a ce an tsaya a kan kashi 83 na lissafin ninkawa sau biyu, da ya faɗo zuwa kusan kashi 5.

Duk da haka ba a ce masa ba shi da ita ba. Aka sake gwada shi da tsinken farko kamar yadda tsarin ya tanada, ya sake ba da layi biyu. Aka rubuta: ba a tantance ba, a dawo bayan kwana 14.

Dalilin jiran shi ne cewa lambar 99 ɗin nan an auna ta ne galibi a kan mutanen da cutar ta riga ta zauna a jikinsu. Wanda ya kamu makonni kaɗan da suka wuce, sinadaran kariyarsa ba su gama fitowa ba, kuma wani tsinke yana riga wani ganinsu. Gwajin yatsa yakan fara gani ne tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Saboda haka idan wani tsinke ya ce akwai, wani ya ce babu, abu biyu ne ke iya jawo shi: ko layin ƙarya, ko sabon kamu. Tsohon kamu ne kawai tsinke na biyu ya kusan kawar da shi. Sabon kamu kuwa lissafinsa daban ne, kuma zaton farko a kansa ba a tsinke yake ba, yana bakin mara lafiya.

Rana ta 6 zuwa ta 20

Babbar likitar ta zauna da mutumin su biyu, ƙofa a rufe. Ta fara da janye maganar da aka gaya masa. Ta ce, "Malam, abin da aka faɗa maka ranar farko ya yi gaggawa. A yanzu mafi rinjayen zato shi ne ba ka da cutar, gwajin farko ne jininka bai jitu da shi ba. Amma akwai hanya ɗaya da ta rage, kuma kai kaɗai za ka taimake ni in rufe ta." Sannan ta tambaye shi game da wata ukun da suka wuce, dalla-dalla: ko ya kusanci wata mace, ko an yi masa allura a wani wuri, ko ƙarin jini, ko wani zazzaɓi da ya zo da ciwon maƙogwaro da ƙuraje a jiki. Ya ce babu ko ɗaya. Ta ce ba don ba ta yarda da shi ba za a jira kwana 14, kowa ake yi wa haka.

Ta kuma ba shi shawarar ya zo da matarsa. A nan ya yi jinkiri, sai rana ta 11 suka zo tare. Tsinken farko, wanda ya ba shi layi biyu sau uku, ita layi ɗaya ya ba ta. Wannan ya rage zaton hanyar da ta fi kusa, ya kuma nuna cewa kwalin tsinken ba lalatacce ba ne da ke ba kowa layi biyu.

Ba a ba shi maganin ƙanjamau a tsawon wannan lokaci ba. An dai ce su yi amfani da kwaroron roba har a gama.

Rana ta 20 zuwa ta 41

A rana ta 20 aka sake gwajin duka biyu. Tsinken farko layi biyu, mai hasken da bai canza ba. Tsinke na biyu layi ɗaya. Da sabon kamu ne, da ana sa ran sinadaran kariya sun ƙaru cikin mako biyu har tsinke na biyu ya gan su. Aka kuma ɗebi jini daga jijiya aka aika gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta, wanda yakan fara gani tun kwana 10 zuwa 33 bayan kamuwa, kuma a sabon kamu ƙwayoyin sukan yi yawa sosai a jini. Sakamako ya dawo rana ta 27: ba a ga ƙwayar ba.

Gwaje-gwajen biyu sun rufe wa juna ƙofa. Akwai mutane ƙalilan da suka daɗe da cutar amma jikinsu ya danne ta har ba a ganin ƙwayar a jini, sai dai su suna da sinadaran kariya, tsinke na biyu zai kama su. Sabon kamu kuma, wanda tsinke ke iya tsallakewa, gwajin ƙwayar ba zai tsallake shi ba a wannan lokaci. Aka rubuta a fayil cewa ba shi da cutar, aka ƙara da sunan tsinken da jininsa ke ba layin ƙarya, aka ba shi kwafi ya riƙe domin ranar da za a sake gwada shi a wani wuri. Ba a gano abin da ke jikinsa da ke jawo layin ba. An yi masa aikin gwaiwar a rana ta 41.

Hukunci

Tsinken farko bai yi abin da ba a san shi da shi ba. Tun a takardarsa an faɗi cewa yana ba wasu masu lafiya layi biyu, kuma wannan mutum ya faɗo cikinsu. Layin ya cancanci ya girgiza zaton likita, domin ninka rinjaye sau hamsin ba ƙaramin abu ba ne, kuma likitan da zai ga layi biyu ya ce ai mutumin kirki ne a ƙyale shi, shi ma ya saɓa wa Bayes ta ɗaya ɓangaren. Kashi 9 ya yi yawa a yi watsi da shi, ya kuma yi kaɗan a sanar da mutum cewa yana da cutar. Abin da ya dace da shi shi ne gwaji na gaba, na wani kamfani, a ranar.

Kuskuren ƙaramin likitan guda biyu ne, kuma na farkon, wato ɗaukar 98 a matsayin zaton cewa mutumin yana da cutar, ba nasa ba ne shi kaɗai. A 1978 wani mai bincike mai suna Casscells da abokan aikinsa sun yi wa likitoci da ɗaliban likitanci 60 a asibitocin koyarwa na Harvard tambaya mai kama da wannan: cuta tana kama 1 cikin 1,000, gwaji yana ba da sakamakon ƙarya ga kashi 5 na masu lafiya, to wanda gwajin ya nuna yana da ita, nawa ne zaton yana da ita? Amsar kusan kashi 2 ce. Mutum 11 ne suka same ta, 27 suka ce kashi 95. Da aka sake tambayar a Boston aka wallafa a 2014, mutum 14 cikin 61 ne suka amsa daidai. A ganina wannan bai nuna likitoci ba su iya lissafi ba, ya nuna cewa kaso cikin ɗari yana ɓoye tambayar. Masu bincike Gerd Gigerenzer da Ulrich Hoffrage sun nuna cewa idan aka ba likitoci lambobin a matsayin ƙirgen mutane, wato mutum kaza cikin kaza, masu amsa daidai suna ƙaruwa sosai. Abin da babbar likitar ta yi ke nan a bayan takarda, kuma cikin mintuna kaɗan ƙaramin likitan ya ga 200 da 20 da idonsa.

Kuskure na biyu, na ɗaukar maimaitawa a matsayin tabbatarwa, shi ya fi haɗari, domin kama yake da taka-tsantsan. Shi ne ya sa aka rubuta an tabbatar, shi ne kuma ya tura mutumin layin karɓar magani. Da an fara ba shi maganin, da wuya a gane kuskuren daga baya. Bayan wata shida za a auna ƙwayar cutar a jininsa ba za a gan ta ba, kowa ya ce magani ya karɓe shi, alhali tun farko babu ta. Sakamakon da ya kamata ya tona kuskuren shi ne zai zama hujjar ci gaba da shi, shekara da shekaru. Ƙa'idar sake tantancewa kafin fara magani ita ta tsare wannan.

Wuri mafi rauni a lissafin shi ne 2 cikin 1,000. Kimantawa ce, kuma rabinta ta dogara ne ga abin da mutum ya faɗa game da kansa, a kan al'amarin da mutane ke ɓoyewa. Ana iya cewa ta yi ƙasa. To a ninka ta sau biyar ta zama 1 cikin 100: rinjaye 1 a gaban 99, bayan layi biyu 49.5 a gaban 99, kashi 33. A ninka sau ashirin da biyar ta zama 5 cikin 100, a samu kashi 72. A duka ukun matakin da ya dace bai canza ba, gwaji na daban kafin a furta komai. Sai zaton farko ya kai kusan rabi da rabi sannan layi biyu shi kaɗai zai ba da kashi 98 da aka gaya wa mutumin ranar farko, kuma babu wani abu a fayil ɗinsa da ya kai shi ko kusa da nan.